Rubutu da Murya a Hausa: Yadda Ake Saita Waya da Wuraren da Take Tuntuɓe

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar manoma ta garinmu, kuma idona ya fara rauni, danna ƙananan haruffan waya yana ba ni wahala. Ɗana ya nuna mini alamar makirufo a kan kibod, ya ce in yi magana wayar za ta rubuta. To, wani lokaci Turanci marar kan gado take fitarwa, wani lokaci kuma Hausar ce amma ta canza mini magana. Wayar Android ce. Yaya zan saita ta ta riƙa rubuta Hausa daidai, kuma zan iya dogara da ita wajen rubuta bayanin taro?

Amsa: Malam, cuta biyu ce ta haɗu a wayarka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko saiti ne kawai, za ka iya kawar da ita a zama ɗaya. Ta biyu kuwa ana iya rage ta ƙwarai, amma ba a raba wayar da ita gaba ɗaya, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne ka san inda take ɓuya.

Wayar da ke fitar da Turanci alhali Hausa ake yi mata ba lalacewa ta yi ba. An sa ta ne ta saurari Turanci, ita kuma ba ta da ikon cewa ba ta gane ba, don haka duk sautin da ya shiga kunnenta sai ta nemo kalmar Turancin da ta fi kama da shi ta ajiye. Gyaran yana farawa ne daga kibod ɗin kansa. Wanda ake buƙata shi ne Gboard na kamfanin Google, domin a watan Oktoba na 2024 ne kamfanin ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 a hidimominsa na murya, ciki har da Hausa da Yarbanci da Ibo. Wayoyi da yawa suna zuwa da shi, wasu kuma suna zuwa da kibod na kamfanin da ya ƙera su. Idan babu shi a taka, a sauko da shi daga `Play Store`. Idan kuwa yana nan, a shiga can a danna `Update`, domin tsohon da bai ga sabuntawa ba tun kafin wannan lokaci yana iya ba ka haruffan Hausa amma ya ƙi sauraronta. A wayoyin Samsung ana zaɓen kibod ɗin da zai riƙa fitowa ta hanyar `Settings`, sai `General management`, sai `Keyboard list and default`. A sauran wayoyi yawanci yana ƙarƙashin `System`, a wurin da aka rubuta `Languages & input` ko `Keyboard`.

Da Gboard ya zama shi ke fitowa, sai ka buɗe wurin rubuta saƙo, ka danna alamar saiti da ke saman kibod ɗin, ka shiga `Languages`, ka danna `Add keyboard`, ka nemi `Hausa`. A shafin da zai buɗe, idan ka ga `Multilingual typing`, ka kashe shi. Daga nan ka koma baya ka shiga `Voice typing` ka tabbatar `Use voice typing` a kunne yake. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi waɗanda wayoyinsu ke Faransanci, waɗannan wurare su ne `Langues` da `Saisie vocale`, harshen kuma `Haoussa` aka rubuta shi.

Akwai mataki ɗaya da kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne yake mayar da mutum gidan jiya bayan ya gama duk wancan. Ƙara Hausa a jerin harsuna bai isa ba, sai kibod ɗin yana kan Hausa a daidai lokacin da ka danna makirufo. Dubi dogon madannin nan na ƙasa da ake ba da tazara da shi: sunan harshen da ke aiki yana rubuce a jikinsa. Idan `English` ka gani, ka danne shi ka riƙe har jerin harsuna ya fito, ka zaɓi Hausa, sannan ka yi magana. Ka mayar da wannan duba al'ada, kamar yadda direba yake leƙa giya kafin ya tayar da mota, domin yaro ɗaya da ya ari wayar ya yi hira da abokinsa ya isa ya juya ta. A wasu wayoyin alamar makirufon ba ta Gboard ba ce, tana buɗe wani abu dabam mai suna `Google voice typing`, wanda yake da nasa jerin harsunan. A can ana iya zaɓen harsuna da yawa a lokaci guda, wayar ta riƙa cankar wanda ake yi. Shawarata ita ce ka cire alamar zaɓi daga kowane harshe ka bar Hausa kaɗai. Cankar tana yi wa manyan harsunan Turai aiki, amma idan aka haɗa Hausa da Turanci a sikeli ɗaya, Turanci ne yake rinjaya da zarar ka ambaci kalma ɗaya irin ta ofis.

Sauran saitin ƙanana ne. A ba Gboard izinin makirufo ta `Settings`, `Apps`, `Gboard`, `Permissions`, `Microphone`. Sannan a sani cewa rubutu da muryar Hausa yana bukatar intanet, domin ba a cikin wayar ake sarrafa maganar ba, ana aika ta ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, su mayar da ita rubutu su dawo da shi. Fakitin da ake saukewa don aiki ba tare da data ba an tanade shi ne ga harsuna irin su Turanci da Faransanci. Wannan yana da sakamako biyu. Na farko, idan sabis yana rawa, za ka ga rubutun yana jinkiri, ko ya tsaya cak, ko rabin jimla ya ɓace. Na biyu, abin da ka faɗa ya bar hannunka, don haka lambar sirri ta banki da lambar BVN da makamantansu a bar wa yatsa.

Yanzu sai kunnen wayar. Kwanakin baya wani dattijo, dillalin hatsi, ya kawo mini tasa yana cewa ta daina jin Hausa bayan ta yi wata biyu tana ji. Na duba saitin, komai yana nan yadda ya kamata. Sai na buɗe manhajar ɗaukar murya da ke zuwa da kowace waya, na ce ya yi sallama ya faɗi sunan kasuwarsu, muka saurara tare. Muryar ta fito kamar ta wanda ke magana daga cikin rijiya. Da na cire rigar wayar na duba ƙaramin ramin da ke kusa da wurin caji, sai na tarar ƙurar hunturu da garin dusa sun toshe shi, sun daskare kamar an shafa masa siminti. Busasshen buroshin haƙori mai laushi na sa na share a hankali, kuma a nan take rubutun ya dawo hayyacinsa. Kada a soka allura ko tsinke a ramin nan, akwai siririn tanti a bayansa wanda idan ya huje sai an canza makirufon. Wannan gwaji na ɗaukar murya a saurara shi ne mafi arha kuma mafi gaskiya: abin da kunnenka bai ji da kyau ba a cikin rikodin, na'ura ma ba za ta ji ba.

Ka riƙe wayar tazarar taƙi ɗaya daga bakinka, gindinta yana fuskantarka, amma ɗan gefe kaɗan don kada iskar "f" da "t" ta riƙa bugun ramin. Fanka ta sama ta fi janareta ɓarna idan iskarta tana sauka kai tsaye a kan wayar, rediyo ko hirar mutane kuwa sun fi su duka, saboda su ma magana ce, kuma wayar ba ta san muryar wa aka ce ta bi ba. Iyafis mai waya yana taimakawa a wuri mai hayaniya tun da makirufonsa yana kusa da baki. Na Bluetooth, musamman masu arha, sukan matse murya su zubar da siraran sautuka, kuma a cikin waɗannan siraran sautukan ne bambancin "s" da "ts" da "sh" yake zaune.

Idan an gama duk wannan, Turancin zai tafi, sai a rage da cuta ta biyu, wadda ita ce ainihin abin da ya kamata sakatare ya fahimta. Na'urar ba ta rubuta abin da ta ji kamar yadda ɗalibi yake ɗaukar shifta. An koyar da ita ne da ɗimbin muryoyi da rubutun da aka jingina musu, da kuma tarin rubutun Hausa, saboda haka idan ka yi magana tana haɗa abu biyu: sautin da ya shigo, da kuma jerin kalmomin da ta fi saba gani a rubuce. Inda sautin ya fito sarai, shi take bi. Inda ya yi rauni, sai sabo ya yi hukunci, ta ɗauko kalmar da ta fi yawa a abin da ta karanta. Shi ya sa kuskurenta ba ya kama da kuskure. Ba za ta rubuta maka haruffa a hargitse ba, za ta ba ka kalmar Hausa sahihiya, a zaune daram cikin jimla, wadda ba ita ka faɗa ba.

Mutane sukan ɗauka karin sauti da tsawon wasali ne babbar matsalar, tun da "gari" na zama da "gari" na tuwo da murya ake bambanta su. A gaskiya nan wurin sauƙi ne, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ko wanne ka nufa haruffa huɗun nan za a rubuta. Wahalar tana wurare uku ne dabam: haruffa masu ƙugiya, raba kalmomi, da ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana. Bari mu ɗauki jimla ɗaya irin wadda za ta iya shiga littafinka mu bi ta daki-daki:

"Ma'aji ya ce ba a ba Hajiya taki ba, domin ta ƙi biyan bashin bara, naira dubu ɗari biyu da hamsin."

Fara da tsakiyarta. "Taki" da "ta ƙi" kusan sauti ɗaya ne idan aka cire ɗan ƙarfin da maƙogwaro yake bayarwa wajen furta ƙ, wanda ba ya wuce ƙiftawar ido, kuma shi ne farkon abin da hayaniya take cinyewa. Ga kuma "taƙi" na awo a gefe yana jira. A jimlar da aka riga aka ambaci taki, na'urar tana da dalilin sake zaɓensa, sai ka ga "domin taki biyan bashin bara", maganar da mai karatu zai tsaya yana juyawa. Wannan shi ne mai sauƙin kamawa, tun da jimlar ta karye. Wanda ya fi shi haɗari shi ne irin "an ba ta kuɗin" da "an ɓata kuɗin". Dukansu Hausa ce lafiyayya, dukansu suna iya fitowa daga bakin ma'aji, ɗaya shaida ce ta biya, ɗaya kuma tuhuma ce. Idan wayar ta haɗe kalmomin ta zubar da ƙugiya ta rubuta "an bata kudin", to ta bar wa kowane ɓangare na taron damar karanta abin da ya ga dama. Haka "kare" da "ƙare", "kasa" da "ƙasa", "baki" da "baƙi", "daga" da "ɗaga".

Dalilin wannan rauni ba a kunnen na'urar kaɗai yake ba, yana cikin rubutunmu. An daɗe da tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa, har an yi taro a Yamai a 1980 don daidaita na Nijeriya da na Nijar, amma mafi yawan abin da muke rubutawa a waya babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsa, kuma kowa yana raba kalma yadda hannunsa ya faɗa. Wannan ya rubuta "yana", wancan "ya na". Wannan "suka", wancan "su ka". "A kan" mai nuna wuri da "akan" mai nuna sabo an mayar da su abu guda. Na'urar da ta tashi a cikin wannan gida dole ta ɗauki halin gidan. Don haka za ka ga ta sa ƙugiya a "ƙungiya" a layin farko ta manta da ita a layi na uku, kuma "bashin bara" na jimlarmu yana iya zama "ba shin bara", kamar yadda "an ba shi" yake iya zama "an bashi". Babu wani madanni a cikin saiti da yake gyara wannan. Hamzar "ma'aji" ma tana cikin wannan sahu, takan faɗi a bar "maaji" ko "ma aji", ita da ta "sa'a" da "jama'a" da 'y ta "'ya'ya", wadda a Nijar ake rubutawa da ƴ.

Sai kuma "ba" guda uku da ke farkon jimlar: "ba a ba Hajiya taki ba". Ta farko da ta ƙarshe korewa ce, ta tsakiya bayarwa ce. A maganar yau da kullum "ba a ba" yana narkewa ya zama kusan gaɓa biyu, "ba" ta ƙarshe kuma muna sauke murya a kanta, daidai lokacin da numfashi yake ƙarewa. Idan ta farko ta narke ta ƙarshe ta ɓace, abin da zai rage shi ne "a ba Hajiya taki" ko "an ba Hajiya taki", wato kishiyar hukuncin da taro ya yanke. Na taɓa aika wa wani abokin aiki saƙo da murya cewa kada ya tura takardun sai na duba su, kalmar "kada" ta faɗi a hanya saboda na fara magana kafin makirufon ya gama buɗewa, shi kuma ya tura su cikin biyayya. Tun ranar nake jira in ga `Speak now` a fuskar wayar, in ƙara daƙiƙa ɗaya, sannan in buɗe baki. A wannan rukuni akwai "sun zo" da "su zo", "an biya" da "a biya", "ya tafi" da "zai tafi". Harafi ɗaya ko gaɓa ɗaya ce tsakanin abin da aka yi da abin da aka ce a yi, kuma bayanin taro kusan dukansa a kan wannan bambanci yake tsaye.

Kuɗin da ke ƙarshen jimlar kada ma ka ba wayar amanarsa. "Dubu ɗari biyu da hamsin" a bakin ɗan kasuwa 250,000 ne, amma idan aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya 200,050 ne, kuma na'urar tana iya rubuta shi da kalmomi, ko da alƙaluma, ko ta gauraya biyun. A Nijar abin ya ƙara rikicewa, tun da ana ƙirga kuɗi da dala, kowace dala tamma biyar, ta yadda "ɗari" a kasuwar Maraɗi sefa 500 ce, "jika" kuma 1,000. Ka faɗi jimlarka, ka tsaya kafin adadin, ka buga shi da yatsa. Alƙaluma ba su da yawa a kibod. Haka za ka yi da kwanan wata da lambar waya da yawan buhuna.

To, yaya za a faɗi jimlar ta fito lafiya? Dabarar ita ce a ba na'urar abin da za ta jingina da shi, a kuma rage mata wuraren zamewa. Ni ga yadda zan faɗe ta: "Ma'ajin ƙungiya ya ce an hana Hajiya takin zamani." Sai in tsaya in sa aya. "Dalili shi ne har yanzu akwai bashin bara a kanta." Sai in buga adadin. Lura da abin da ya canza. "An hana" ya ɗauki aikin "ba a ba... ba" da kalma ɗaya mai nauyi wadda ba ta narkewa. "Takin zamani" ya rufe ƙofar "ta ƙi" da "taƙi", domin kalmomin biyu sun saba tafiya tare. "Akwai bashi a kanta" ya kawar da ƙ ɗin da ke jawo rigima. Ma'anar ba ta motsa ba, amma tarkuna uku sun tashi daga hanya.

Wani kuskure da masu farawa suke yi shi ne, da wayar ta kasa gane su sai su koma furta kalma ɗaya-ɗaya da ƙarfi, kamar mai yi wa kurma magana. Wannan yana ƙara ɓata lamarin, saboda kalmar da ta tsaya ita kaɗai ba ta da maƙwabtan da za su yi mata shaida. Abin da ya fi shi ne jimla cikakkiya mai kalmomi kamar takwas zuwa goma sha biyu, da murya irin ta mai karanta sanarwa a rediyo, ba gaggawa ba jan rai, a cika ƙarshen kalmomi, kada a haɗiye su. Ka shirya jimlar a zuciyarka kafin ka danna, domin idan ka yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi kana tunani makirufon yakan rufe kansa, abin da ka faɗa bayan nan kuma iska ta kwashe. Alamomin rubutu ma da hannu ake sa su. A Turanci ana iya kiran sunan alamar wayar ta sa ta, amma idan ka ce "aya" ko "waƙafi" a Hausa, kalmar za ta rubuta maka a tsakiyar magana.

Ban san daga wane yanki ka rubuto ba, kuma wannan yana da tasiri. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, ita ce ta fi yawa a littattafai da labaran rediyo, don haka ita na'urar ta fi sani. Basakkwace ko Ba'adare da zai ce "munka tahi" ko "shina zuwa" ko "wanga" ko "biyat" zai ga ɗayan biyu: ko dai wayar ta mayar masa da su "muka tafi" da "yana zuwa", wanda ga bayanin taro ba laifi ba ne, ko kuma ta ɗauko wata kalma dabam mai kama da sautin. Kalmomin aro daga Faransanci sun fi shan wahala. Wanda ya ce "mushe" a Damagaram yana nufin malamin makaranta, na'urar za ta rubuta haruffan daidai tun da akwai kalmar a Hausa da wata ma'ana, amma "lakwal", wato makaranta, da ire-irenta ba lallai ta taɓa cin karo da su da yawa ba. Hausar zangon Kumasi da Akara kuma, inda ƙ da k suka kusa zama abu ɗaya a baki, tana barin na'urar da sabo kaɗai wajen sa ƙugiya. Ba ina cewa kowa ya bar karin gidansu ba ne, amma a minti goman da kake yi wa waya shifta, karkata zuwa Hausar littafi yana rage aikin gyara.

Ingausa kuwa a guje ta gaba ɗaya yayin shifta. Kalmomin da suka riga suka zama namu, irin su "sakatare" da "kwamiti" da "banki" da "rasit", suna wucewa lafiya. Waɗanda muke tsomawa da lafazin Turanci a tsakiyar jimla su ne suke karkatar da na'urar, har su ɓata kalma biyu ko uku da ke bayansu. Sunayen mutane da na ƙauyuka ma wurin rauni ne: Kano da Zariya da Musa da Amina ba za su ba ka matsala ba, amma sunan ƙaramar unguwarku ko laƙabin wani memba za a mayar da shi kalmar da ta fi kusa. A nan akwai taimako ɗaya. Cikin saitin Gboard ka shiga `Dictionary`, sai `Personal dictionary`, ka zaɓi Hausa, ka shigar da sunan ƙungiyarku da sunayen da kake yawan rubutawa, kowanne da gajeriyar alama ta harafi biyu ko uku a wurin `Shortcut`. Kada ka sa ran wannan zai koya wa makirufon sunayen, amfaninsa yana wajen gyara da hannu, inda harafi uku zai fito maka da dogon suna ka taɓa shi sau ɗaya. Haruffa masu ƙugiya kuma suna nan a kibod ɗin Hausa, idan ba ka gan su a fili ba ka danne b ko d ko k ka riƙe.

Kafin ka ɗora aikin ƙungiya a kanta, ka auna ta. Ɗauki tsohon bayanin taro ka ware kalmomi ɗari, ka karanta wa wayar, ka ƙirga kurakuran, ka kuma lura da irinsu, domin irin kuskuren shi ke faɗa maka inda ciwon yake. Kalmomin Turanci suna nufin harshen kibod ya juya. Giɓi a farkon jimla ko a tsakiyarta yana nufin ka riga makirufon, ko sabis ya yanke, ko ramin ya toshe. Kalmomin da suka canza zuwa masu kama da su suna nuna hayaniya ko saurin baki. Idan kuwa abin da ya rage ƙugiya ne da raba kalma, ka kai iyakar abin da saiti zai iya, sauran na ido ne. Ka riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, yau ka kashe fanka, gobe ka gwada iyafis, da wannan sakin layin dai, don ka san wanne ne ya yi aiki.

Game da taron kansa, kada ka ajiye wayar a tsakiyar tabarma ka ce ta rubuta abin da ake faɗa. An gina wannan hidima ne don mutum ɗaya da ke kusa, ba ta raba muryoyi, ba ta san wa ya ce me ba, kuma da mutum biyu sun haɗa baki ta rikice. Kunna mata saƙon murya daga wata wayar ma ba ya haifar da ɗa mai ido, tun da muryar an riga an matse ta, ta kuma bi ta lasifika. Ka riƙe biro da takarda a wurin taro kana ɗaukar kanun magana da alƙaluma da manyan haruffa yadda idonka zai gani, sannan idan ka koma gida, bayan isha'i da gari ya yi tsit, ka yi wa wayar shifta jimla-jimla a cikin manhajar ajiye rubutu, ba a cikin zauren WhatsApp na ƙungiya ba, inda kuskuren yatsa ɗaya zai aika abin da ba a tace ba. Tun da ido ne matsalar, ka ƙara girman rubutu ta `Settings`, `Display`, `Font size`. Wajen dubawa kada ka karanta kamar labari, domin ido yakan ga abin da zuciya ta riga ta sani. Ka bi rubutun sau ɗaya kana neman "ba" da "kada" da "an" da "a" kaɗai, ka sake bi kana neman sunaye da alƙaluma, ƙugiya ta zo a ƙarshe. Duk sakin layin da ya ƙunshi kuɗi ko hukunci a kan wani memba, ka ba ɗan naka ya karanta maka shi da babbar murya kana riƙe da takardar da ka rubuta a wurin taron, kafin shugaba ya sa hannu.